Hoton Fasfo: Garin Neman Gira Kada a Rasa Ido

Duk shekara idan lokacin shirin aikin Hajji ya kama, masu ɗaukar hoto a kasuwannin Ɗambatta da Bichi da Kunchi kan shiga kakarsu. Manomin da ya sayar da gero da gyaɗa, wani ma har da shanun huɗarsa, zai zauna a kan benci a ɗauke shi, sannan yaron shago ya koma gaban kwamfuta ya shiga abin da yake kira gyara: ya goge tabo, ya haska fata, ya share tamojin goshi. A wurin yaron kyautatawa ce ga dattijo. Hukuma kuwa kallon ɓata shaida take yi wa wannan aiki, kuma a ganina tana da gaskiya.

Hoton fasfo ba irin hoton Sallah ba ne da ake rataye wa a bango. Tun 2007 Nijeriya ta koma fasfo na zamani mai ɗauke da ɗan ƙanƙanin guntun lantarki a cikinsa, inda ake adana hoton mai shi da bayanansa, bisa ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO. Idan matafiyi ya tsaya gaban jami'i a filin jirgi, kyamara kan ɗauki fuskarsa, na'ura ta kwatanta ta da wadda aka adana. Na'urar ba ta san kyau ko muni ba. Abin da take lura da shi shi ne tsarin halitta: tazarar idanu, faɗin hanci, zubin haɓa da muƙamuƙi, da yanayin fata. Daga nan take fitar da makin kamanni. Duk gyaran da ya rage hanci ko ya tsuke kumatu yana rage makin nan, kuma idan ya gaza mizani, sai a ware mutum gefe a shiga yi masa tambayoyi, a ƙasar da wataƙila ba ya jin harshenta.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. A 2014 wasu masana a Jami'ar Bologna ta Italiya sun nuna cewa ana iya cakuɗa fuskokin mutum biyu a kwamfuta, a fitar da hoto guda da zai yi kama da kowannensu har ya ruɗi na'ura. Ke nan mutumin kirki zai nemi fasfo da irin wannan hoto, wanda ake nema ruwa a jallo ya yi tafiya da shi. Tsoron haka ne ya sa Jamus, daga watan Mayu na 2025, ta koma karɓar hoton da aka ɗauka a ofishin hukuma ko aka aiko ta amintacciyar hanyar lantarki. Jami'in da ke duba takardu ba shi da hanyar sanin ko goge-gogen da ya gani na ƙawa ne ko na zamba, domin sawun da suke bari iri ɗaya ne. Saboda haka yake ƙin duka.

Abin da ya sami wani kawuna ya isa misali. Manomi ne ɗan shekara 67 daga wani ƙauye a yammacin Ɗambatta. Yana da bille a kuncin hagu, da tabon sujada a goshi, da furfura a gemu, kuma duk suna nan a hoton fasfonsa. Da aka buƙaci sabon hoto domin biza, sai mai hoton ya share billen, ya goge tabon, ya haska fuskar har dattijon ya koma kamar ɗan arba'in. Ya kuma yanko shi daga bangon shago mai shuɗin fenti ya ɗora a kan fari, a garin yankan gefen kunnen dama ya tafi. Aka dawo da takardun saura kwana huɗu a rufe karɓa. Ya kira ni a ruɗe yana cewa, "Ɗana, wai ba ni ba ne a hoton." Da na ɗora hoton kusa da na fasfon, ban ga laifin wanda ya dawo da shi ba. Fata ta yi sumul kamar roba, gefen gemu ya fita kamar an yanka da almakashi, ga wani farin zagaye a kewayen kai, babu ko alamar inuwa a ƙarƙashin haɓa. Waɗannan su ne alamomin hoton da aka taɓa, kuma ido ma yana kama su.

Sake ɗaukar bai ci mu minti goma ba. Muka rataya farin ƙyalle a jikin katanga, a inuwar da hasken safiya ke shigowa daidai ta ko'ina. Ya cire hula da tabarau, ya ɗan matso gaba daga ƙyallen don kada inuwarsa ta faɗa a kai. Na tsaya kimanin taku biyu daga gare shi, wayar tana daidai da idanunsa, domin matsowa kusa sosai yana ƙara wa hanci girma. Kafin nan na kashe saitin da wayar ke rubuta wa Beauty, wanda a wayoyi da yawa yake laushe fata da kansa ba tare da an sa shi ba. Ya rufe baki, ya kalli kyamara kai-tsaye. Abin da na yi wa hoton bayan haka shi ne yanke gefuna da daidaita girma. An karɓa.

A nan iyakar take. Gyaran da ya shafi takarda halal ne: yanke gefuna, miƙe hoton da ya ɗan karkata, daidaita awo, rage nauyin fayil gwargwadon da fuska ba za ta dushe ba. Awon kuwa ya danganta da ƙasa. Bizar ƙasashen Turai na Shengen tana son milimita 35 a faɗi da 45 a tsawo. Ta Amurka tana son milimita 51 ta kowane gefe, hoton da bai wuce wata shida ba, kuma tun 2016 ba a karɓar mai tabarau sai da dalilin lafiya. Gyaran da ya shafi fuska kuwa haramtacce ne gaba ɗaya: goge bille ko 'yan baka ko kowace tsagar gado, cire tabo da tawadar Allah, rina furfura a kwamfuta, haska fata, ko ja hoton ta tsawo har fuska ta sirance.

Tsakanin biyun akwai abubuwan da ke ruɗar mutane. Sauya bango da kwamfuta yana kama da ƙaramin abu, amma yana cin gefen kunne da gashi da mayafi, kuma ofisoshi da dama suna ƙinsa. Haka ma goge jan ido da walƙiyar kyamara ke jawowa, ko ƙyallin gumi a goshi. Maganinsu shi ne a share gumin, a gyara haske, a sake ɗauka. Mata kuma su kwantar da hankali, ba a hana hijabi ba, muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi, babu inuwa a kanta.

Tun da Hukumar Shige da Fice ta buɗe damar ɗora hoto ta intanet a farkon 2024, nauyin nan ya ƙara komawa kan masu shagunan hoto da na cike fom na garuruwanmu. Ina roƙon malaman bita na ƙananan hukumomi su ware wa wannan batu ko da minti biyar, masu hoto kuma su raba hoton biki da na takarda. Kai kuma maniyyaci, kafin ka biya kuɗi, karɓi hoton ka nemi billenka da furfurarka. Idan babu su, ka ce a sake.