Albashin Abuja, lissafin Jos

Kwanakin baya ƙanena ya same ni a gida bayan sallar Isha'i, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Yaya, Allah ya yi. Wani kamfani a Abuja ya ɗauke ni, naira dubu 600 a wata." A nan Jos dubu 350 ke shiga hannunsa, ga mata da yara biyu. Na yi masa murna, sannan na ɗauko takarda da biro na ce ya zauna. Aikina na harhaɗa magunguna ya saba min da duba ƙarfin ƙwaya kafin girman kwalinta.

Tambayata ta farko ita ce, dubu 600 ɗin kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Washegari ya tambaya, aka ce kafin a cire ne, abin da zai shiga asusunsa kimanin dubu 480. Tun nan ƙarin ya sauka daga dubu 250 zuwa dubu 130.

Daga nan muka bi kuɗin da yake kashewa layi-layi, domin farashi ba ya tashi bai ɗaya. Haya ce babba. Gidansa mai ɗaki biyu da falo a Rikkos dubu 720 ne a shekara, wato dubu 60 a wata. Wani abokinsa ya zagaya masa Kubwa, irin wannan gida bai samu ƙasa da miliyan 2 da dubu 400 ba, wato dubu 200 a wata. Haya kaɗai ta cinye ƙarin albashin har ta nemi ciko.

Abinci bai yi irin wannan tsalle ba. Shinkafa da man gyaɗa kusan ɗaya ne, amma tumatir, kabeji da dankalin turawa da matarsa ke sayowa a Farin Gada, daga nan Filato ake loda da yawansu zuwa Abuja. Muka ɗaga dubu 130 zuwa 160. Kuɗin mota daga Kubwa zuwa Wuse kullum ya mayar da dubu 25 zuwa 70. Makarantar yara, da muka raba kuɗin zango uku a kan wata 12, ta tashi daga dubu 30 zuwa 75.

Akwai kuma abin da mu mutanen Jos ba ma ganin darajarsa: sanyi. A nan fanka ma ba kullum ake kunnawa ba. A Abuja, zafin watan Maris da Afrilu yakan hana yaro barci, ga ƙurajen zafi, dole a nemi fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da man janareto. Wuta, ruwa da gas suka koma dubu 55 maimakon 25.

Layi biyu na hana a taɓa. Na farko, dubu 30 na magani, wanda ya haɗa da nasa kason na maganin hawan jinin Hajiyarmu. Farashin magani bai cika bambanta sosai tsakanin garuruwan biyu ba, amma a kanti na sha ganin yadda ake yi: idan haya ta matse mutum, maganin hawan jini da na sukari ake fara tsallakewa, domin ciwon ba ya ihu sai ya yi ɓarna. Na biyu, adashinsa na dubu 50. Albashin da ya kashe maka adashi bai kai na da ba, ko nawa ne. Muka ƙara sabon layi, dubu 30 na zuwa Jos duba Hajiya.

Jimilla ta kama dubu 670. Wannan ne kuɗin hannu da zai ba shi irin rayuwar da dubu 350 ke ba shi a Jos. Tunda kashi 80 cikin 100 na albashin ke isowa hannu, sai albashin takarda ya kai kusan dubu 840, ko ma ya ɗan haura, domin haraji na ƙaruwa da girman albashi. Ban da kuɗin shiga gida: hayar shekara a dunƙule, dillali da lauya da aka ce masa kowanne kashi 10 ne, da motar kaya, kusan miliyan 3 kafin ya karɓi albashin farko.

Ya yi shiru, ya ce, "Yaya, idan na zauna Mararaba fa?" Na ce haya za ta ragu, amma ya sa cunkoson hanyar Nyanya a lissafi, da awannin da yaransa za su rasa shi safe da dare.

Bai ƙi aikin ba. Ya rubuta musu adadin da yake buƙata, ya roƙi su biya hayar shekarar farko su riƙa cira a hankali, ya kuma tambaya ko inshorar lafiyarsu ta haɗa da iyali. Har yanzu yana jiran amsa, kuma shi ke kai Hajiya asibiti.