Na'ura ba ta san wace kuka kake nufi ba

Jama'a, yau ma dai maganar nan ce da kuka gaji da ji daga bakina. Wanda ya gaji ya wuce, ba zan ji haushi ba.

Ɗazu da la'asar ɗan ƙanwata ya kawo mini takardar da za a liƙa a jikin ledar kayan miyar da mahaifiyarsa ke sayarwa. Kun san ta, ita ce mai yaji da daddawar da na taɓa yi wa talla a nan. Wani mai shago a Abuja ya ce zai riƙa ɗauka, amma a rubuta sunan kayan da Turanci. Yaro ya buɗe manhajar fassara a wayarsa, ya rubuta "gari", ta ba shi town. Ya goge, ya rubuta "kuka", ta ba shi cry. Ya haɗa su, ya kai wa mai buga takarda, aka buga ba wanda ya ɗaga gira. Garin kuka na miya ya zama birnin masu hawaye. Da na nuna masa sai ya ce, "Kawu, ai na tabbatar, na mayar da su Hausa, ta dawo mini da gari da kuka daidai."

Wannan amsar ce ta hana ni sakat, don na sha jin ta daga bakin manya masu digiri. Mayar da kalma inda ta fito ba tantancewa ba ce. Idan ka ba na'ura town dole ta ce gari, don kuwa gari ne. Kuskuren ya riga ya faru tun a tafiyar farko, lokacin da ta zaɓi gari ɗaya cikin biyu, dawowar kuma ba ta da hanyar tona shi. Kamar ka tambayi mutum, sannan ka sa shi ya zama shaidar kansa.

Na'urar nan ba ƙamus take buɗewa ba. An ciyar da ita jimloli masu ɗimbin yawa tare da fassararsu, ta koyi wace kalma ce ta saba zama kusa da wace. Idan ka ba ta cikakkiyar jimla, maƙwabtan kalmar ne ke gaya mata ma'anar da ake so. Inda ta ga "niƙa" ko "tankaɗe" ko "mudu", ta san garin ci ne. Inda ta ga "shiga" ko "sarkin" ko "bayan", ta karkata ga garin zama. Idan ka jefa mata kalma tsirara, sai ta ɗauko ma'anar da ta fi cin karo da ita a karatunta. Hausar da ke rubuce a intanet kuwa labarai sun yi mata yawa, a labarai an fi kai hari gari fiye da a tankaɗe shi. Ba za ta ce maka tana shakka ba, haka za ta miƙo amsar kamar ta tabbata.

Rubutunmu na boko ma ya ƙara mata wahala, don ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. A baki, garin zama gajeren "a" gare shi, garin tuwo dogo. Kuka na hawaye sautinsa sama-sama yake, kuka ta miya ta tashi sama ta sauko. Haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama da fari na ɗan fari, haka wuya ta wahala da wuyan da ake rataya sarƙa. Kunne yana raba su, takarda ba ta rabawa. Sannan ga lalacinmu na zubar da ƙugiya: ka rubuta "baki" kana nufin baƙi, to baƙin launi ko baƙin da suka sauka a gidanka? Ka kuma ɗora wa waya laifi.

Na san za a ce Malam yana kare tuwonsa ne, tunda da fassara yake ci. Wallahi ni ma ina amfani da manhajar, kuma idan aka ba ta jimla mai kyau takan yi abin a yaba. Ban ce a jefar da ita ba. Abin da nake faɗa ba ya kawo mini ko sisi, hasali ma rage mini aiki yake.

Ga abin da muka yi da yaron. Da farko muka rubuta jimla sukutum: "Na zuba garin kuka a cikin miya." Nan take birni ya ɓace. Muka sauya jimlar muka ce "Ta tankaɗe garin kuka", don mu ga ko amsar za ta tsaya a inda take. Idan kalmar tana sauya kama daga jimla zuwa jimla, alama ce na'urar na lalube. Sannan muka buɗe ƙamus. Ba "garin" ake nema ba, a cire "n" ɗin mallaka a nemi "gari". Za ka tarar da shi sau biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kuma a nan mutane ke faɗuwa, su karanta na farko su rufe littafi. Karanta duka. Ƙamusun Paul Newman na 2007 yana sa ɗan layi a kan dogon wasali da wata alama a kan sautin ƙasa, sai ka furta da bakinka ka ji wanne ne naka. Duba jinsi kuma: kuka na hawaye namiji ne, shi ya sa muke cewa kukan yaro, itaciyar kuwa mace ce, kukar gidanmu, jam'inta kukoki. Harafi ɗaya a ƙarshe ya raba gardamar. A ƙarshe ka ɗauki kalmar Turancin da ka samu ka neme ta a ƙamusun Turanci zuwa Hausa, irin na Roxana Ma Newman na 1990, ka ga ko misalansa sun yi kama da abin da ke hannunka.

Shi ma ƙamus yana da iyakarsa. Na Bargery, wanda aka sa a intanet, tun 1934 ya fito, kada ka je neman kalmomin waya da banki a cikinsa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da Hausa yake bayani, ya fi amfani wajen gane wace ma'ana kake nufi kafin ka nemi Turancinta. Kuma ko ƙamus ya ce maka baobab, bai san ko ledar ƙanwata ganye ne a ciki ko garin 'ya'yan itacen da ake damawa. Mu muka san ganye ne, muka rubuta baobab leaf powder.

Wani zai ce duk wannan a kan ledar miya? To ku tuna da wannan hanyar ake fassara takardun asibiti da na maganin feshi. "Ciki" na nufin tumbi, yana nufin juna biyu, yana nufin cikin ɗaki. Gargaɗin da aka yi wa mai juna biyu idan ya koma na mai ciwon tumbi, wa za a tambaya ranar gobe? Fassara amana ce, wanda ya buga abin da bai duba ba shi ya ɗauki nauyin, waya ba za ta tsaya a madadinsa ba.

Masu shagon buga takardu, don Allah ku ajiye ƙamus ko guda ɗaya kusa da injinku, ku riƙa karanta abin da aka kawo kafin ku danna. Masu turo mini hoton allon waya kuna cewa "ga shi na'ura ta faɗa", ku turo da jimlar da kalmar ta fito a ciki, sai mu yi magana.