Ƙofa huɗu, sallama huɗu

Ɗan'uwa mai karatu, bari in ba ka labarin kuskuren da na yi.

Matan ajina su 40 suna son injin niƙa mai aiki da hasken rana. Kuɗinsa jika 750. Sun tara jika 150 da adashi, saura 600. Na rubuta masu wasiƙa ɗaya mai tsawo, cike da gaisuwa da roƙo. Na kwafe ta sau huɗu, muka aika ma banki, da wani sabon kamfani na matasa, da ƙungiyar agaji, da ma'aikatar minista. Wata uku, shiru. Laifina ne. Kowace ƙofa da irin sallamarta.

Banki ba ya jin roƙo, lissafi yake ji. Yana son ya san ko kuɗinsa za su dawo. Sai na sake: "Muna neman bashin jika 600. Za mu iya biyan jika 55 kowane wata, har wata 12, daga kuɗin niƙa." Na sa lambar asusunmu da sunan mai tsaya mana. In ka yawaita kukan talauci, banki zai ga ba ka iya biya.

Matasan kamfanin ba su da yawa, mai karanta wasiƙa shi ne mai ɗaura injin. Gajeren zance suke so, kamar na abokin ciniki: "Muna son injinku. Tiya nawa yake niƙawa a awa ɗaya? In ya lalace, wa ke gyarawa? Kuna karɓar biya kashi-kashi?" Na sa lambar waya a ƙasa.

Ƙungiyar agaji tana son ta ga matsalar, da yawan masu amfana, da ƙoƙarinku. Na rubuta: "Matanmu suna tafiyar kilomita 7 don niƙa. Gida 40 za su huta. Mun tara jika 150, mun zaɓi mata uku masu riƙon kuɗi." Ka faɗi gaskiya, kada ka ƙara gishiri, don sukan zo su gani da ido.

Ma'aikatar minista kuwa, ladabi ne gaba. Ka fara da muƙami, ba suna ba: "Zuwa ga Mai girma Minista." Ka rubuta dalilin wasiƙar a layi ɗaya, buƙata ɗaya tak. Mu dai mun roƙi a turo mai koya ma mata kula da injin. Ba a cewa "muna so", sai "muna roƙo cikin girmamawa". Takardar ta bi ta hannun perefe da gwamna. Ka riƙe kwafi mai kwanan wata da hatimin wanda ya karɓa.

Banki ya kira mu, ya nemi ƙarin takardu. Matasan sun buga waya cikin mako. Sauran biyun muna jira.

Kafin ka ɗauki biro, ka tambayi kanka: wa zai buɗe wasiƙar nan, kuma me yake son ya sani?