Agwagin da suka fara mutuwa

A farkon shekarar 2010, mutanen wasu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum sun lura cewa agwaginsu suna ƙarewa. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi, domin a lokacin hankalin kowa yana kan dutse. Farashin zinariya a kasuwar duniya, wanda bai kai dala 300 kowane oza ba a 2001, ya riga ya haura dala 1,000, kuma labarin ya iso har Dareta da Abare da Yargalma da Bagega. Magidancin da ya saba jiran kaka kafin ya ga kuɗi a hannunsa, sai ga shi yana iya ganinsu a cikin mako guda.

Aikin ba shi da wani sirri. Samari su shiga rami su fasa dutse, a cika buhuna, a ɗauko a kan babur zuwa gari. A gida mata su farfasa shi da guduma ko a turmi, sannan a kai shi injin niƙa, irin wanda ake niƙa hatsi da shi, ya zama gari. A wanke garin da ruwa, a zuba zaiba ta tattaro zinariyar, a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi, abin da ya rage shi ne rabon mai aiki. Abin da ba a sani ba shi ne, dutsen wannan yanki cike yake da dalma. Niƙan da ake yi a bushe yana tayar da ƙura, ƙurar ta sauka a tsakar gida, a kan tabarma da kwanon abinci, daidai inda yaro mai rarrafe yake sa hannu a ƙasa ya kai baki.

Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, da suke zagaye don sa ido kan sanƙarau, su ne suka fara cin karo da abin a watan Maris na 2010: yara suna amai da jijjiga, ana ba su maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Da aka gwada jininsu, ƙaramar na'urar gwajin da ba ta iya karanta abin da ya wuce 65 sai ta riƙa nuna cewa an zarce iyakarta, alhali daga 45 ake fara ba yaro maganin fitar da dalma. Wani bincike da aka yi gida gida a ƙauyuka biyu ya gano cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya. Wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da suka mutu a yankin ta kai kimanin 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu.

Wanda ya ji wannan labari zai ce annoba ce, kuma gaskiya ya faɗa. Amma masana tattalin arziki suna da wani suna ga babban hoton da annobar take ciki. Richard Auty ne ya yaɗa shi a wani littafi na 1993: la'anar albarkatun ƙasa. Bayan shekara biyu Jeffrey Sachs da Andrew Warner suka kwatanta ƙasashe masu yawa, suka ga cewa waɗanda suka fi dogara da sayar da ɗanyen arzikin ƙasa a 1971, a dunƙule, su ne suka fi tafiyar hawainiya a shekaru kusan ashirin da suka biyo baya. Kalmar la'ana tana iya ruɗar mai karatu, domin ba wani aljani a cikin dutse. Abin dubawa shi ne hanyar da kuɗin ma'adini yake bi, da hannuwan da yake tsallakewa.

A ɗauki misalin magidanci mai gona a fadamar Gummi, gefen gulbin Zamfara. A ce yana biyan ɗan ƙwadago naira dubu biyu a yini, kuma da haka lissafinsa yake fita. Sai rami ya buɗe a Bukkuyum, inda yaro zai iya samun dubu biyar, ko ya yi zaton zai samu, wanda a wajen matashi duk ɗaya ne. Yanzu mai gona yana da zaɓi biyu: ya biya dubu biyar, ko ya rage gonar. Shinkafarsa kuwa ba za ta ƙara kuɗi don haka ba, tunda a kasuwa tana gogayya da ta Kebbi da ta wasu wurare inda ba a haƙa komai. Mai shayi da ɗan acaɓa da mai gidan haya kusa da rami za su iya ƙara farashi, domin ba wanda zai je wani gari ya sayo musu kishiya. Manomi ne kaɗai kuɗin aikinsa ya hau, kuɗin kayansa ya tsaya. Ba wanda ya zalunce shi, amma sana'arsa ta tsuke.

Wannan shi ne abin da mujallar The Economist ta raɗa wa suna cutar Holan a 1977, bayan iskar gas da aka gano a Groningen a 1959 ta ƙarfafa kuɗin ƙasar har masana'antunta suka fara kasa sayar da kayansu a waje. Arewacin Najeriya ba ya buƙatar zuwa Turai neman misali. An gano mai a Oloibiri a 1956, farashinsa ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, naira ta yi ƙarfi har shinkafar waje ta fi ta gida araha. Fari da cutar gyaɗa ta 1975 sun yi nasu ɓarna, amma ƙasar da take da buƙatar kuɗin gyaɗa da ta tashi tsaye ta farfaɗo da ita. Najeriya ba ta da wannan buƙata a lokacin, dalar gyaɗa ta Kano kuwa ba ta sake tashi ba.

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin yammacin Zamfara yana zaune ne tsakanin ma'adinai biyu, kuma kowanne ya yanke igiya ɗaya. Igiyar ita ce buƙatar da mai mulki yake da ita ga mai noma. Hukumar da take rayuwa da harajin talakawa dole ta damu da ko sun yi girbi, ko hanyar kasuwa tana biyuwa, ko ɓarayi sun kore shanu, saboda asararsu asararta ce. Ba a cewa zamanin haraji da jangali zamanin adalci ne. Waɗanda suka sha ɗaurin rana a ƙofar dagaci ba za su yarda ba. Amma ko azzalumin mai karɓar haraji ya san cewa ƙauyen da ya watse ba ya biya. Yau mafi yawan abin da jihar Zamfara da ƙananan hukumominta suke kashewa daga asusun tarayya yake zuwa kowane wata, kuma mai ne ginshiƙin wannan asusu. Ko Bagega ta yi noma ko ba ta yi ba, kason zai iso Gusau.

Zinariya kuma ta yanke igiyar ta ɗaya ɓangaren. Sashe na 44(3) na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, dokar ma'adinai ta 2007 ta tabbatar da haka, saboda haka lasisi daga Abuja yake fitowa. A aikace, mafi yawan zinariyar yankin ba ta taɓa ganin lasisi ba. Kilo guda bai kai girman wayar hannu ba. Yana shiga aljihu, daga dillalin bakin rami zuwa babban dillali, ya tsallaka iyakar Nijar ko ya hau jirgi. Ƙungiyar Swissaid ta ƙiyasta cewa aƙalla tan 435 na zinariya aka fitar daga Afirka ta ɓarauniyar hanya a 2022 kaɗai, mafi yawansa ya nufi Hadaddiyar Daular Larabawa. Abin da bai shiga littafi ba, ba a cire masa kason sarauta, jiha kuma ba ta da abin da za ta nemi kashi 13 cikin 100 a kansa. Sai lissafin ya zama haka: riba ta tafi Dubai, dalma ta zauna a tsakar gida.

Tarihin Bagega ya nuna yadda ake biyan irin wannan bashi. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, da taimakon kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, aka binne ta, aka zuba sabuwa. A wasu wurare dalmar ta haura kashi 10 cikin 100 na ƙasar da aka auna. Bagega, wadda ta fi sauran girma, ta jira. Likitoci ba za su fara ba yaro magani ba muddin zai koma gidan da zai sake haɗiyar gubar, don haka jinkirin gyara jinkirin magani ne. Sai a watan Janairun 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin, kimanin dala miliyan 4, bayan dogon matsin lamba daga 'yan fafutuka. Kuɗin bai kai farashin kilo ɗari na zinariya a lokacin ba.

Sannan bindiga ta zo. Ba zinariya ce ta haifi ta'addancin dajin Zamfara ba. Asalinsa yana cikin satar shanu, da rikicin gona da burtali, da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya. Amma arzikin da ya taru a wuri guda, wanda ake haƙa da diga da shebur, shi ne mafi sauƙin kamawa da ƙarfi. Ba a iya ƙwace noman gero na ƙaramar hukuma guda a sa a aljihu, rami kuwa mutum ashirin masu bindiga sun isa su tsare bakinsa su karɓi kaso. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, a Maris na 2021 ta hana jirage shawagi a samaniyarta bayan sace 'yan matan Jangebe. Haramcin ya kori wanda yake tsoron doka, ya bar filin ga wanda ba ya tsoronta. A cikin waɗannan shekaru garin Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, ya cika da 'yan gudun hijira daga ƙauyukan da ke kewaye da shi.

Akwai masanan da suke ja da ka'idar kanta, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wataƙila an juya sababi da sakamako: ƙasa tana dogara da ma'adini ne saboda ba ta gina komai ba, ba wai ta kasa ginawa saboda ma'adini ba. Suna nuna Botswana, wadda aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, shekara guda bayan samun 'yancinta, gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da De Beers har ta mallaki rabin kamfanin haƙar, kuɗin ya bi ta baitulmali ya zama makarantu da hanyoyi. Sai dai lu'ulu'un Botswana yana cikin 'yan manyan ramuka da sai babban jari yake iya haƙa, ƙofar fitarsa ɗaya ce, ana iya tsayawa a bakinta a ƙirga. Zinariyar Anka da Bukkuyum a warwatse take cikin daji, ƙofofinta sun kai yawan baburan da ke yankin. Zamfara kuma talaka ce tun kafin 2010. Ƙididdigar hukumar NBS ta 2019 ta sa kusan kashi 74 cikin 100 na mutanenta a ƙarƙashin layin talauci. Zinariya ta tarar da rauni ne, ta faɗaɗa shi.

A watan Disamba na 2024 ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin, bayan fiye da shekara biyar. A lokacin oza guda ya wuce dala 2,600, fiye da ninki biyu na farashin da ya sa aka fara kai dutse injin niƙa a Dareta. Yaran da suka tsira daga gubar 2010 suna rarrafe, a wannan wata sun kai shekarun da ake shiga rami.