Lambobi uku a kan faktir guda

Ƴan uwa mata, tun da ƙungiyarmu ta fara ɗaukar kayan haɗa sabulu bashi a wani babban magaza na Maraɗi, mun gane cewa karatun faktir sana'a ce. Takardar cike take da lambobi, ga tambari bisa rubutu. Amma guda uku ne suka shafi kuɗinmu, kuma kowace da mai ita.

Ta farko tamu ce: lambar bon da muka rubuta muka aika don neman kaya. Tana cikin littafin sakatariyarmu. A kan faktir ana sa ta kusa da N° BC ko Votre réf. Ta biyu lambar ƙungiyarmu ce a littafin magaza, Code client, galibi kusa da sunanmu. Sau ɗaya ake ba da ita, kamar sunan yanka. Ta uku lambar faktir ɗin kanta, Facture N°, wadda mai magaza yake bayarwa sabuwa ga kowace takarda.

Ga yadda muke rarrabe su in rubutun ya cakuɗe. Muna jera faktir biyu a kan tabarma. Lambar da ta canza ita ce ta faktir. Wadda muka samu a littafinmu ita ce ta bon. Wadda ba ta canza ba, kuma tana gefen sunanmu, ita ce ta ƙungiya. NIF da RCCM su ma ba sa canzawa, amma na mai magaza ne, suna tare da sunansa a sama ko can ƙasa.

Mu ɗauki misali. Mun nemi bido 10 na manja da bon 012, kowane jikka 18. Aka kawo 6 ranar Litinin da faktir 0457, jikka 108. Sauran 4 suka zo bayan sati da faktir 0482, jikka 72. Takardun biyu suna ɗauke da 012, don bon guda ne. Wadda ta duba wannan kaɗai za ta ce an ninka mana takarda, ta ƙi biyan bashin gaskiya. In kuwa takardu biyu suka zo da 0457 duka, to wannan kwafi ne, sau ɗaya ake biya.

Ranar biya ma haka. In ma'ajiya ta kai jikka 72 ta faɗi lambar ƙungiya kaɗai, mai karɓar kuɗi yana iya zuba su kan tsohon bashi, 0482 ta zauna kamar ba a taɓa ta ba. Shi ya sa ba ta barin wurin sai ta ga an rubuta 0482 a kan takardar shaidar biya. Da ta dawo, mu maƙala ta jikin faktir ɗinta, a karanta lambar da ƙarfi gaban taro kafin a rufe akwati.