Kwano Ɗaya, Wata Takwas

Wahalar gajeren labari ita ce wuri ya yi kaɗan, lokaci kuma ya yi yawa. A gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ake ba marubuciya. Idan labarin ya ci wata takwas, ina za a zuba su? Magabata sun bar mana "kwanci tashi" da "ana nan, ana nan". Suna aiki, amma sanarwa ce kawai: an faɗa wa mai karatu lokaci ya wuce, bai ga abin da lokacin ya cinye ba.

Dabarar da na fi dogaro da ita daga masu fim aka aro ta. A rufe fitowa da wani abu, a buɗe ta gaba da abin nan ko mai kama da shi, sai dai zamani ya sake. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, an cilla ƙashi sama, sai hoto ya koma kan wani kumbo a sararin samaniya, shekaru masu ɗimbin yawa suka wuce cikin ƙiftawar ido. Ni mahaɗi nake kiran wannan abu.

Na rubuta labarin wata mata a garinmu Kademi, ta ƙasar Gaya, wadda mijinta ya sayar da yawancin geronsu da kaka ya tafi cirani. Abin da ke gabana shi ne in kai mai karatu daga Disamba zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuma bai nuna ba. Ga yadda na rufe fitowar farko:

"Ta cika kwanon awo har ya yi tozo, ta juye a turmi. Tsabar da ta zube ta bar wa kaji."

Na bar sarari, sannan na buɗe ta biyu:

"Ta karkata kwanon don tsabar ta taru a gefe guda. Ruwa na dukan kwanon ɗaki. Ƙwaya uku da suka faɗi ta durƙusa ta tsince."

Abu ɗaya ne bai canja ba, wato kwanon awo a hannunta. Sauran duk sun canja. Ruwan sama ya ce damina ce, tsintar ƙwaya kuma ta ce yunwa ta shigo gidan. Ban ambaci wata takwas ba, ban kuma ce mijin bai aiko da komai ba. Wanda ya san ƙauye ya riga ya ƙirga.

Sharaɗin farko shi ne mahaɗin ya zama yana ɗauke da damuwar labarin. Da na haɗa fitowar biyu da bishiyar darbejiyar ƙofar gida, da an ga sauyin yanayi, amma ba a ga halin da matar ke ciki ba. Kwano ne ya dace, domin abinci ne matsalarta.

Na biyu, jimla ta farko ko ta biyu bayan tsallaken dole ta kafa lokaci. Yawancinmu a waya muke karatu, kuma idan aka kwafi labari aka tura, sararin da ke tsakanin fitowa yakan ɓace. Saboda haka nake cire sararin da gangan in karanta wa wani, in tambaye shi tsawon lokacin da ya wuce. Idan ya ce washegari ne, mahaɗin ya yi kama da yawa, sai in ƙara alamar yanayi: hazo, zafin bazara, ko ciyawa a bakin hanya.

Idan shekaru ake son tsallakewa, damina ba ta isa ba, don kowace shekara tana dawowa. A nan watan azumi yake taimako, tunda yana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Azumin 2014 ya kama a ƙarshen Yuni, cikin damina, na 2022 kuwa a Afrilu, tsakiyar zafi. Mutum ɗaya yana shan ruwa a tabarma ɗaya, sau ɗaya da laima a ƙasa, sau ɗaya da gumi, ya isa ya nuna shekaru sun ja. Sai dai ba zai faɗi adadinsu ba, don haka a ƙara da yaron da ake goyo ya zama shi ke kawo kunu.

A labari mai kalmomi 1,500, mahaɗi biyu sun wadatar. In ya kai na uku, mai karatu ya gano zaren, sai ya bar matar ya koma jiran kwano. Inda kuwa lokacin da ya wuce bai canja komai ba, "bayan kwana biyu" ta isa, a ci gaba da labari.