Idon Mai Farautar 'Yan Wasa Ba Ya Kan Ƙwallo

Duk wanda ya saba tsayawa kallon yaranmu na Sabo da yamma ya san inda ihu yake tashi: yaro ya yanke mutum uku, ko ya zura wa wani ƙwallo ta tsakanin ƙafa, sai fili ya ɗauka. Mu iyaye ma mukan koma gida muna cewa wane kam sai Turai. To amma mutumin nan da kulob yake turowa ya nemo masa yara, wanda ake ce wa sikawut, sau da yawa idonsa ba ya wajen da namu yake.

Dalilin lissafi ne. A wasan minti 90, ƙwallo ba ta wuce 'yan mintuna kaɗan a ƙafar ɗan wasa guda. Sauran lokacin duk ba ya tare da ita, kuma a nan ne ake gane shi. Mu 'yan goro ba ma sayen kwando don goron da aka jera a sama. Sai mun zura hannu ƙasa.

Ɗauki yaro ɗan shekara 16 mai buga lamba shida, wato ɗan tsakiyar da ke gaban masu tsaron baya. Mai tsaron baya zai ba shi fasin. Abin farko da sikawut zai duba shi ne wuyan yaron: kafin ƙwallo ta iso, ya waiga hagu da dama ya ga wa ke bayansa? Wanda ya waiga ya riga ya san inda zai kai ta tun ba ta zo ba. Wanda bai waiga ba sai ya tare ta, sannan ya ɗaga kai ya fara tunani, kafin nan an rufe shi. Mu 'yan kallo sai mu ce an yi masa ƙeta, alhali tun farko shi ya makara.

Daga nan sai tsayuwarsa. In ya juya wa ragar abokan karawa baya gaba ɗaya, ba shi da zaɓi sai ya mayar da ƙwallo inda ta fito. In kuwa ya tsaya a karkace, ya bar ta ta gifta jikinsa ya tare da ƙafar da ta fi nisa, taɓawa ɗaya ta sa shi yana fuskantar gaba. Wannan ba ya jawo tafi. Ni dai ban taɓa jin an yi ihu don yaro ya waiga ba. Amma mai nema zai ƙirga sau nawa ya yi hakan, da ƙafa ɗaya ko da duka biyun, kuma ko yana yi har a minti na 75 lokacin da gajiya ta kama shi.

Sai kuma lokacin da aka ƙwace masa ƙwallo. Wani zai tsaya ya ɗaga hannu yana yi wa rafali ƙorafi, ko ya harari abokinsa. Wani kuwa nan take ya juya da gudu ya bi ta. Daƙiƙu biyar ɗin nan sun fi gaya wa koci halin yaro fiye da ƙwallo biyun da ya ci. Haka in an cire shi, za a kalli yadda ya fita da yadda ya zauna a benci, domin kulob zai zauna da shi ne kullum, ba ranar wasa kawai ba.

Wilfred Ndidi misali ne na kusa. Daga makarantar ƙwallo ta Nath Boys a Legas kulob ɗin Genk na Beljiyam ya ɗauke shi a 2015, Leicester ta saye shi a 2017. Ba cin ƙwallo ya yi masa suna ba. Tare hanya ne da ƙwato ƙwallo.

Akwai batun shekaru, kuma a nan da ku nake, iyaye. Ɗan 19 da aka rage wa shekaru zai yi ta ture 'yan 15 yana haskawa, amma sikawut yana auna abin da yaro zai zama nan da shekara huɗu ne, don haka ƙaramin da ke wasa da kai ya fi masa ƙaton da ke wasa da ƙirji. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 FIFA take amfani da hoton MRI na wuyan hannu, wanda ke nuna ko ƙashi ya gama haɗewa. Kuma dokarta, ban da 'yan keɓantattun hali, ta hana kai yaro wani kulob a ƙasar waje kafin ya cika 18. Saboda haka duk wanda ya zo shago ya ce, "Alhaji, kawo kuɗin biza, ɗanka ɗan 16 zai tafi Turai wata mai zuwa," a tambaye shi wane kulob ne ya turo shi, kuma wasa nawa ya kalli yaron daga farko har ƙarshe.